Ƙidaya da Hira a Bincike Ɗaya: Yadda Ake Tsara Batu da Kare Hujjarsa

A jami'o'i da kwalejojinmu, duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suka fara kai batutuwan bincikensu gaban malamai, akwai jimlar da ba a rasa ta a babi na uku: "Za a yi amfani da takardar tambayoyi da kuma hira domin samun cikakken bayani." Ɗalibi yakan rubuta ta hankalinsa kwance, don a ganinsa hanya biyu ta fi ɗaya. Ranar kare aiki kuwa, sai wani malami ya ɗaga kai ya ce, "To, idan muka cire hirar nan gaba ɗaya, me zai ragu a sakamakonka?" Nan ne da yawa suke yin shiru.

Tambayar ba mugunta ba ce. Haɗa takardar tambayoyi da hira aiki biyu ne, kuɗi biyu, lokaci biyu. Saboda haka dole hujjar haɗa su ta fito daga cikin abin da ake son sani, ba daga sha'awar a ga aikin ya yi kauri ba. Idan batun bai buƙaci hanyoyin biyu ba, babu daɗin bakin da zai sa ya buƙace su.

Giɓin da ke haifar da batu

Bari mu ɗauki matsala guda wadda duk mai aiki a asibitin karkara ya san ta. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 67 cikin ɗari na masu juna biyu sun je awo wurin ƙwararren ma'aikacin lafiya, amma kashi 39 ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti. A Arewa maso Yamma, haihuwar asibiti ba ta kai ko kashi 20 ba. Ke nan akwai mata masu yawa da suka san hanyar asibiti, suka yanki kati, aka auna su, amma da naƙuda ta zo sai suka haihu a ɗaki.

A ce wata ɗaliba mai karatun lafiyar al'umma ta ga wannan tana so ta bincika. Batun da za ta fara kawowa yawanci shi ne: "Matsalolin haihuwa a Arewacin Najeriya." Wannan ba batu ba ne tukuna, fage ne. Ba a san su wa za a tambaya ba, ba a san a ina ba, ba a san abin da za a ƙirga ba. Kafin batu ya tsaya da ƙafarsa, sai ya faɗi abu huɗu: mene ne ake nema, a wurin su wa, a wane wuri, a cikin wane lokaci. Idan ta sassaƙe shi, zai iya komawa haka: "Yawan haihuwa a gida da dalilansa a tsakanin matan da suka yi awo a cibiyoyin lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma kaza, waɗanda suka haihu cikin wata 12 da suka wuce."

A duba kalmomi biyu a cikin wannan batu: "yawan" da "dalilansa". Ta farko lissafi take nema. Ta biyu labari take nema daga bakin wanda abin ya faru a kansa. Tun daga take, mai karatu ya ga inda takardar tambayoyi za ta shiga da inda hira za ta shiga. Ƙayyade wata 12 ma yana da dalili: macen da ta haihu shekara huɗu baya, wataƙila ma ta sake haihuwa a tsakani, ba lalle ta tuna ƙarfe nawa naƙuda ta fara ko wa ke gida a daren ba.

Tambayoyi uku, ba biyu ba

Daga take sai tambayoyin bincike. Ta farko ta lissafi ce: kashi nawa cikin ɗari na matan da suka yi awo suka haihu a gida, kuma yaya hakan ke bambanta gwargwadon nisan gida da asibiti, da zurfin karatu, da yawan haihuwar da mace ta taɓa yi? Ta biyu ta hira ce: yaya ake yanke shawarar inda za a haihu a cikin gida, wa ke da ta cewa, kuma me ke faruwa tun daga fara naƙuda har zuwa sauka?

Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, su yi bincike biyu daban su ɗinke su a bango ɗaya. Abin da ke mayar da aikin guda shi ne tambaya ta uku: ta yaya bayanan hirar suke fayyace abin da lissafin ya nuna? Idan babu wannan tambayar, babu abin da zai tilasta wa mai bincike ya zaunar da sakamakon biyu wuri ɗaya ya kwatanta su.

Wannan kuskure ba na ɗalibai ba ne kaɗai. A 2006, masanin zamantakewa ɗan Birtaniya Alan Bryman ya bi maƙalu 232 da suka haɗa hanyoyin biyu, ya tarar cewa sau da yawa dalilin da marubuta suka bayar na haɗawar daban, abin da suka yi da bayanan a aikace daban. Tun kafin shi, a 1989, Jennifer Greene da abokan aikinta Valerie Caracelli da Wendy Graham sun duba bincike 57 suka fitar da dalilai biyar da ke sa a haɗa hanyoyi. Akwai mai son hanya ɗaya ta gaskata ɗaya, akwai mai son ɗaya ta fayyace ɗaya, akwai mai amfani da sakamakon ɗaya ya gina ɗaya, akwai mai neman saɓani don ya buɗe sabuwar tambaya, akwai kuma mai son faɗaɗa fagen binciken. Ba a bukatar ɗalibi ya lissafo duka biyar a babinsa. Abin da ake so shi ne ya zaɓi ɗaya, ya ce wannan ne nawa, sannan tsarin aikinsa ya yi daidai da shi. Ɗalibarmu dalilinta na biyu ne: tana son hira ta fayyace lissafi.

Wanne zai riga wanne?

Dalilin da aka zaɓa shi ke yanke wanda za a fara yi. John Creswell da Vicki Plano Clark, waɗanda littafinsu kan wannan fanni ya fara fitowa a 2007, sun bayyana manyan tsare-tsare uku. Ana iya fara raba takardar tambayoyi, a duba sakamako, sannan a je hira don a gane abin da lambobin ke nufi. Ana iya fara hira, a ji yadda mutane ke maganar abin da bakinsu, sannan a gina takardar tambayoyi a kan abin da aka ji. Ana kuma iya yin su a lokaci ɗaya a kwatanta a ƙarshe.

Ga ɗalibarmu, na farko ya fi dacewa, domin an riga an yi rubuce-rubuce da yawa kan haihuwar gida. Tun 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fito da bayanin jinkiri uku da ke jefa mai naƙuda cikin haɗari: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Tana da abin da za ta gina tambayoyinta a kai. Da a ce batun sabo ne, wanda ba a san ma zaɓin da za a jera a takarda ba, da hira ce za ta riga. Tsarin yi lokaci ɗaya kuwa yana rage watanni, amma yana hana hira cin moriyar lissafi, tunda ba a san abin da lissafin zai nuna ba lokacin da ake hirar.

Mutum nawa?

Mu ƙaddara rajistar awo ta cibiyoyin ta nuna mata 2,000 da suka haihu cikin shekarar. Duk lambobin da za su biyo baya na misali ne kawai, don a ga yadda aikin ke tafiya. Ɗalibai da yawa a Najeriya suna amfani da ƙa'idar Taro Yamane wajen fitar da adadin waɗanda za a tambaya:

```
n = N / (1 + N × e²)
n = 2000 / (1 + 2000 × 0.05²) = 333
```

Wato mata 333, idan an yarda sakamako ya iya kaucewa da kamar kashi 5 sama ko ƙasa. Tunda wasu sun ƙaura, wasu ba za a same su ba, wasu za su ƙi, sai ta ɗebo sunaye kamar 370. Kuma ba waɗanda suka fi sauƙin samu za ta ɗebo ba. Idan ta tsaya a bakin asibiti ranar rigakafi tana tambayar duk wadda ta zo, ta tara matan da suka fi kusanci da asibiti ke nan, lissafinta zai nuna haihuwar gida ba ta kai yadda take ba. Sai dai ta bi rajista ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ko ta riƙa ɗaukar suna ɗaya bayan kowane biyar.

Hira kuwa ba ta bin wannan lissafi, domin ba wakilcin jama'a ake nema da ita ba. Ana ci gaba da hira ne har sai sababbin maganganu sun daina fitowa. Greg Guest da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2006, inda suka bi hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, suka ga cewa kusan duk manyan batutuwan sun riga sun bayyana a cikin 12 na farko. Amma matan da suka yi hira da su halinsu ya yi kama da juna. Idan rukunin mutane ya bambanta, adadin yakan ƙaru. Ɗalibarmu na iya tsara hira da mata 16, ta ƙara da maza biyu, da uwar miji ɗaya, da ungozoma ɗaya.

Inda hanyoyin biyu ke haɗuwa

A ce takardu 333 sun dawo, mata 200 sun ce a gida suka haihu. Kashi 60 ke nan. Daga cikin 200 ɗin, 120 sun zaɓi amsar "naƙuda ta zo ba zato". Lissafin ya kuma nuna cewa masu nisa sun fi haihuwa a gida, amma akwai mata 50 da gidansu bai kai kilomita biyu da asibiti ba, su ma a gida suka haihu.

Mai takardar tambayoyi kaɗai zai rubuta cewa babban dalili shi ne naƙudar ba-zata, ya ba da shawarar a wayar wa mata da kai kan alamomin naƙuda. Mai haɗa hanyoyi zai tsaya ya ce: macen da ta haifi biyar, da gaske ba ta san alamar naƙuda ba? Kuma waɗannan 50 na kusa da asibiti, me ya tsare su? Daga nan ne ake zaɓar waɗanda za a yi hira da su. Huɗu daga na kusa da suka haihu a gida, huɗu daga na nesa da duk da haka suka kai kansu asibiti, huɗu masu haihuwar fari, huɗu masu haihuwa da yawa. Na nesan da suka je asibiti suna da muhimmanci ƙwarai, domin su ne za su nuna abin da ke sa a tsallake nisa.

A wurin hira ba a maimaita tambayar takarda. Ba a cewa "me ya sa ba ki je asibiti ba?", domin wannan tuhuma ce, amsarta kuma kare kai. Ɗalibar za ta zauna a tabarma bayan gaisuwa da barka, ta ce, "Yaya, ba ni labarin ranar tun daga farko. Ina kike lokacin da kika fara jin ciwon?" Amsar na iya zuwa kamar haka: tun la'asar ta fara jin mara da baya, amma ta yi shiru ta ƙarasa tuwo, don kada a ce ta cika raki. Maigidan yana kasuwar wani gari, wayarsa ba ta shiga. Bayan isha uwar miji ta leƙo ta ce a dakata tukuna, ai ba yau ta fara ba. Da abin ya tsananta wajen ƙarfe ɗaya na dare, babu mai babur da zai fito, sai aka aika a taso ungozoma.

Wannan matar ta zaɓi "ba zato" a takarda, kuma ba ƙarya ta yi ba, ita ce amsar da ta fi kusa da abin da za ta iya faɗa wa baƙuwa cikin minti ɗaya. Amma a ƙarƙashin amsar akwai awa tara, akwai kunya, akwai jiran izini, akwai dare da rashin abin hawa. Wata kuma na iya cewa ita dama katin take so, don idan haihuwa ta zo da gardama kada a kore ta a ce ba ta yi awo ba. A wurinta zuwa awo bai taɓa nufin niyyar haihuwa a asibiti ba. Mai haihuwar fari na iya cewa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari, nisan da aka rubuta mata a takarda ma ba shi ne nisan ranar haihuwa ba. Wannan na ƙarshe ya isa ya sa a sake duba lambar nan ta mata 50.

A babin sakamako, sai a yi jadawali mai gida uku: abin da lissafi ya nuna, abin da hira ta nuna a kan wannan batu, da abin da aka fahimta bayan an haɗa su. Gida na uku shi ne amsar tambaya ta uku. Idan ya zauna babu komai, ba a haɗa hanyoyi ba, an dai jera su.

Yadda ake rubuta hujjar

Hujja mai ƙarfi gajeriya ce, kuma ba za a iya ɗauke ta a manna wa wani bincike ba. Ta ɗalibarmu za ta iya zama haka: "Takardar tambayoyi za ta nuna yawan haihuwar gida da rukunin matan da abin ya fi shafa, abin da hira da mutum 20 ba za ta iya nunawa ba. Amma inda mace za ta haihu shawara ce ta mutane da yawa cikin sa'o'i da yawa, kuma ta shafi kunya da izini, waɗanda ba sa fitowa a amsar zaɓi. Don haka za a zaɓo masu hira daga cikin waɗanda suka amsa takarda, musamman waɗanda amsarsu ta saɓa wa abin da ake zato, domin su fayyace sakamakon lissafin."

Jimla uku ne, kowace da aikinta. Ta farko ta faɗi abin da takarda za ta yi wanda hira ba za ta iya ba. Ta biyu ta faɗi gazawar takarda a kan wannan batu takamaimai. Ta uku ta faɗi inda za a ɗaura su. Maganar cewa "kowace hanya tana rufe raunin ɗayar" gaskiya ce, amma kowa na iya rubuta ta ba tare da ya san batunsa ba, shi ya sa ba ta gamsar da malami mai lura.

Inda aikin ke karkacewa

Akwai kurakuran da ake gane su da sauri. Na farko, ɗaukar karanta wa mutum takardar tambayoyi a matsayin hira. A wuraren da mata da yawa ba sa karatun boko, dole mai bincike ya karanta tambaya ya cike amsa da hannunsa, amma wannan har yanzu takardar tambayoyi ce. Haka ma layi biyu da ake bari a ƙarshe a ce "ƙarin bayani" ba su zama hira ba. Alamar hira ita ce mai tambaya yana bin zaren amsa, yana cewa "sai kuma aka yi yaya?"

Na biyu, mayar da hira lissafi. Idan aka rubuta cewa kashi 75 na waɗanda aka yi hira da su sun ambaci izinin miji, alhali mutum 12 ne cikin 16 da aka zaɓo da gangan, mai karatu zai ɗauka haka abin yake a duk ƙaramar hukumar. Hira tana nuna yadda abu ke faruwa, yawansa kuwa sai takarda.

Na uku, ɓoye saɓani. Takarda na iya nuna cewa yawancin mata sun ce sun gamsu da ma'aikatan asibiti, hira kuma ta cika da labarin tsawa da wulaƙanci. Kada a jefar da ɗaya. A tambaya: a ina aka cike takardar, wa ya karanta ta? Idan a harabar asibiti ne, kuma mai tambayar na sanye da farin kaya, an san dalilin "na gamsu". Saɓanin da kansa sakamako ne, kuma da hanya ɗaya aka bi da ba a gan shi ba.

Sai abin da ake mantawa tun farko. Idan za a koma wa wasu don hira, dole takardar ta ƙunshi tambayar ko mace ta yarda a sake zuwa, a ba kowace takarda lamba, a ajiye sunaye a wani wuri daban a kulle. Wanda ya raba takardu babu suna babu lamba, ya toshe wa kansa hanyar komawa. Wannan tsari kuma sai an bayyana shi ga kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fita. A gidajen kulle, mace ce za ta shiga, kuma sai an nemi izinin maigida, amma yardarsa ba ta maye gurbin yardar matar. Idan kishiya ko uwar miji ta zauna a wurin hirar, abin da za a ji daban ne, don haka ya kamata a rubuta wanda ke wurin.

Lokaci ma abin lissafi ne. Hirar awa ɗaya takan ci awa biyar ko fiye kafin a rubuce ta kalma bayan kalma. Hira 20 masu minti 45 awa 15 ke nan na sauti, wato kamar awa 75 na rubutu, ba a zo fassara daga Hausa zuwa Ingilishi ba, ba a fara nazari ba. Kuma a wannan tsari ba a fara hira sai an gama nazarin takardu. Ɗalibin da ke da zango ɗaya kacal gara ya zaɓi tambaya ɗaya da hanya ɗaya ya yi ta da kyau. Idan abin da yake son sani shi ne kashi nawa, takarda ta ishe shi. Idan yadda ake yanke shawara yake son ganewa, hira ta ishe shi.

A ƙarshe, binciken ɗalibarmu yana da iyaka da ya kamata ta faɗa da bakinta kafin a faɗa mata: daga rajistar awo ta ɗebo mutanenta, saboda haka ba ta da abin cewa game da matan da ba su taɓa taka asibiti ba. Amma a kan waɗanda ta bincika, tana da amsar da za ta bai wa malamin da ya ce a cire hira. Za ta ce, "Malam, idan aka cire ta, shawarata za ta zama a koya wa mata alamomin naƙuda. Da hirar kuwa, shawarar ta koma a tanadi abin hawa na dare, a kuma sa maigida da uwar miji su ba da izini tun ranar awo." Duk binciken da cire hanya ɗaya zai canja shawararsa haka, ya cancanci a bi hanyoyin biyu.